Wasiƙar Neman Diyyar Inshora: Abubuwa Huɗu da Mai Tantance Asara Yake Nema a Shafin Farko

Duk shekara idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, labarin gobarar kasuwa ba ya yankewa a gidajen rediyo. Mutanen Kano ba su manta da wadda ta tashi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba, lokacin da wuta ta lashe shaguna masu ɗimbin yawa cikin dare guda. Bayan an kashe wuta, 'yan jaje sun watse, ɗan kasuwar da ya yi wa kayansa inshora ko takaful yana da sauran aiki guda a gabansa: ya rubuta wa kamfani wasiƙar neman diyya. A nan ne mutane da yawa suke jawo wa kansu jinkirin watanni, alhali haƙƙinsu ne, kuma da gaskiyarsu.

Yawancin irin waɗannan wasiƙu da gaisuwa mai tsawo suke farawa, sai tarihin yadda aka gaji shagon, sai bayanin yawan iyalin da suke ci a ƙarƙashinsa, sai a rufe da roƙon a duba lamarin da idon rahama. Duk gaskiya ne, kuma wanda ya tsaya a kan tokar dukiyarsa ba za a ga laifinsa ba idan alƙalaminsa ya bi zuciyarsa. Sai dai wanda zai karanta wasiƙar ba shi da ikon biya saboda tausayi. Idan asarar tana da ɗan girma, kamfani yakan naɗa mai tantance asara, ƙwararre mai zaman kansa wanda a Najeriya hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, take ba wa lasisi. Kamfanin ne yake biyansa ladan aikinsa, shi kuma ya je wurin, ya duba, ya yi tambayoyi, ya rubuta rahoto da shawarar abin da ya kamata a biya. Kafin ya iya rubuta ko layi ɗaya, sai ya san abu huɗu: yaushe abin ya faru, me ya jawo shi, nawa ake nema, kuma wace takarda ce ta tabbatar da kowane adadi. Wasiƙar da ta ba shi waɗannan a shafin farko ta rage masa aiki, fayil ɗin ya yi gaba. Wadda ta binne su a shafi na uku, ko ta bar ɗaya daga ciki, amsarta ita ce wata wasiƙar mai ɗauke da tambayoyi, kuma kowace tambaya da amsarta tana iya cin mako biyu.

A ɗauki misalin wani mai shagon yadi a Kano, wanda ya yi wa kayan shagonsa inshorar gobara ta naira miliyan 12. Misali ne kawai, amma lissafin da ke cikinsa shi ne wanda ake yi a zahiri.

Wasiƙarsa tana buɗewa da kan magana na layi biyu ko uku, kafin kowace gaisuwa ta yi nisa. A ciki akwai lambar takardar inshorarsa, da sunan da aka yi inshorar da shi, da adireshin shagon, da ranar gobarar, da lambar da kamfani ya ba wa ƙorafin idan an riga an ba shi. Maganar suna ba ƙarama ba ce. Mutum yakan yi inshora da sunan kasuwancinsa mai rajista, sannan ya rubuto wasiƙa da sunan da aka san shi da shi a kasuwa, ma'aikacin ofis ya yi ta neman fayil bai gani ba. Haka adireshi: inshorar kaya tana ɗaure ne da wurin da aka rubuta a takarda. Idan an rubuta shago mai lamba kaza a layi kaza, kayan da aka ajiye a sito a wani layin ba sa ciki sai idan an ambaci siton tun farko. Saboda haka a kwafo suna da adireshi harafi da harafi daga takardar inshorar.

Sakin layi na farko kuma shi ne wasiƙar gaba ɗaya a taƙaice. Mai shagon yadin zai iya cewa: "Ina sanar da ku cewa a daren Talata, 14 ga Janairu 2025, da misalin ƙarfe 11:30, gobara ta tashi a layinmu ta shiga shagona, ta ƙone wani ɓangare na kayan yadi, ruwan kashe wuta kuma ya ɓata wani ɓangaren. Ina neman diyyar naira 7,500,000. Na sanar da dillalinku ta waya washegari da safe, 15 ga Janairu. Takardun shaida guda tara suna haɗe da wannan wasiƙa, kowace da lambarta." Wanda ya karanta wannan kaɗai ya tashi, ya riga ya san ranar, da sanadin, da adadin, da inda hujja take. Sauran wasiƙar bayani ne a kan waɗannan jimloli huɗu.

Rana tana da fuska biyu, shi ya sa aka ga kwanan wata biyu a wancan sakin layin. Ta farko ita ce ranar da asarar ta auku, kuma abin da mai tantancewa zai fara yi da ita shi ne ya duba ko ta faɗa cikin wa'adin inshorar, kuma ko an biya kuɗin shekarar kafin ta. A Najeriya an daɗe ana aiki da ƙa'idar cewa idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, don haka rasiɗin biyan kuɗin yana cikin takardun farko da za a haɗa. Gobarar dare tana da wani tarko na musamman. Wutar da ta tashi ƙarfe 11:30 na daren Talata tana iya kaiwa asubahin Laraba, sai rahoton 'yan kwana-kwana ya ce 15 ga wata, wasiƙa ta ce 14. Ga Bahaushen da ya saba ƙirga dare tun daga magariba kuwa, "daren Laraba" yana iya nufin daren da Talata ta faɗi. Maganin wannan shi ne a rubuta kwanan wata da sa'a da lambobi, kuma idan an san rahoton hukuma ya ɗauki wata ranar, a faɗi dalili a jimla ɗaya tun kafin a tambaya.

Rana ta biyu ita ce ranar da aka sanar da kamfani. Takardun inshorar gobara sukan shar'anta a sanar nan take, sannan a kawo cikakken bayani a rubuce cikin wasu kwanaki, wasu 15, wasu 30, gwargwadon abin da takardar mutum ta ce. A Nijar da Chadi da Kamaru, inda ake bin dokar inshora ta bai ɗaya ta CIMA, wa'adin sanarwa da kamfani zai gindaya ba ya gaza kwana biyar na aiki, amma na sata sa'a 48 ne. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne kada mutum ya zauna jiran rahoton hukumar kashe gobara kafin ya ce uffan. Ya aika gajeriyar sanarwa a rubuce a rana ta farko ko ta biyu, ko da saƙon imel ne, cikakkiyar wasiƙa ta biyo baya.

Wurin da ya fi kowanne buƙatar nutsuwa shi ne bayanin sanadi, domin inshora ba ta biyan asara don kawai an yi asara. Tana biyan wadda ɗaya daga cikin haɗurran da aka lissafa a takarda ya jawo. Takardar gobara zalla tana ɗaukar wuta da tsawa da wasu nau'o'in fashewa. Ambaliya da guguwa da tarzoma sai an ƙara su da kuɗinsu daban. Ɓarnar da ruwan kashe gobara ya yi, da ta hayaƙi, ana lissafa su cikin ɓarnar wuta, tunda wutar ce ta jawo su. Kayan da ɓata-gari suka kwashe ana tsaka da kashe wuta kuwa, yawancin takardun gobara sun cire su. Saboda haka mai shagon da ya rubuta "wuta ta cinye komai, sauran kuma an wawashe" ya cuɗa abin da ake biya da wanda ba a biya a jimla ɗaya, kuma sai an tsaya an tsefe su kafin a ci gaba.

Mai shagon yadin yana gida lokacin da wutar ta tashi. Abin da ya sani da kansa kaɗan ne, kuma shi ya kamata ya rubuta, bi da bi: ya rufe shago ƙarfe 6 na yamma bayan ya kashe makunnin wuta, mai gadin layi ya kira shi wajen ƙarfe 11:45, ya iso bayan sha biyu ya tarar wuta ta shigo ta silin daga ɓangaren gabas, 'yan kwana-kwana sun shawo kanta kafin asuba, da gari ya waye shi da yaransa suka fitar da kayan da suka tsira suka kai wani shago suka kulle. Abin da maƙwabta suke faɗi, cewa wai dawo da lantarki ne da ƙarfi, ko wai wani ne ya bar abin dafa ruwa a kunne, ba nasa ba ne ya tabbatar. Iyakarsa ya ce: "Ban ga yadda wutar ta fara ba. Rahoton hukumar kashe gobara, takarda ta 3, ya yi bayanin abin da suka gano." Wannan jimla ta fi kowane hasashe amfani gare shi. Wanda ya rubuta zato a matsayin tabbas, idan rahoton hukuma ya zo da wani abu daban, sai a fara kallon sauran maganganunsa da shakka, har da lissafin kuɗinsa wanda babu kuskure a ciki. Zargin maƙwabci da suna a takardar da aka sa wa hannu kuma yana iya buɗe wata shari'ar da ba a shirya mata ba.

Maganar fitar da kayan da suka tsira ma ba ado ba ce. Mai inshora yana da nauyin ya yi abin da zai iya don rage asara, kamar yadda zai yi da ba shi da inshorar. Amma kada ya zubar da ƙonannun kaya ko ya share shago kafin mai tantancewa ya zo ya gani. Ragowar turamen atamfa da suka ƙone rabi, da takardun da ke liƙe a jikinsu, su ne suke nuna irin kayan da yawansu.

Sai adadi. Jimillar ta riga ta fito a sama, yanzu sai a nuna inda ta samo asali, kuma a nan gara a ja layuka a yi jadawali, kowane nau'in kaya da layinsa: sunan kaya, yawansu, farashin sari na ɗaya, jimilla, halin da suke ciki, da lambar takardar da ta tabbatar. A lissafin mai shagon yadin, atamfa turmi 200 sun ƙone ƙurmus, sarin kowane naira 18,000, ya kama 3,600,000. Shadda bandir 40 a kan 75,000 ta kama 3,000,000. Leshi 30 a kan 40,000 ya kama 1,200,000, amma shi ruwa da hayaƙi ne suka ɓata shi, za a iya karyar da shi a kan kimanin 300,000, don haka abin da ake nema a kansa 900,000 ne. An tashi a 7,500,000.

Abu biyu ne a wannan lissafin da suke sa mai tantancewa ya saki jiki. Na farko, an yi amfani da farashin sari. Inshorar kaya tana mayar da mutum inda yake kafin asara, ba ta biyan ribar da da zai ci, sai idan ya sayi kariyar tsayawar kasuwanci daban. Wanda ya sa farashin sayarwa za a zaftare ribar, kuma zai ji kamar an cuce shi. Na biyu, mai shagon da kansa ya cire kuɗin abin da ya tsira, bai jira an gano ba. Kantoci da silin da ƙofar ƙarfe da suka lalace bai sa su ba, domin kayan sayarwa kaɗai ya yi wa inshora, ginin kuma na mai shago ne.

Akwai wani adadi da mutane ba sa son rubutawa, amma ba makawa za a tambaye shi: darajar dukan kayan da suke shagon a daren gobarar, wanda ya ƙone da wanda bai ƙone ba. Dalili shi ne sharaɗin da ke rage diyya idan an yi inshorar kaya ƙasa da darajarsu. A ce littafin kaya ya nuna akwai na naira miliyan 15 a shagon, alhali inshorar ta miliyan 12 ce. Kashi huɗu cikin biyar na kayan ke nan aka kare, ragowar kashi ɗaya mai shago ne ya ɗauki haɗarinsa da kansa. Sai a biya huɗu cikin biyar na asarar, wato 6,000,000 daga 7,500,000. Idan kuma takardar ta ce mai inshora zai ɗauki 100,000 na farko na kowace asara, abin da zai shiga asusunsa 5,900,000 ne. Da tsadar kaya irin ta shekarun nan, ɗan kasuwar da ya sabunta inshorarsa a kan adadin shekara uku da suka wuce yana faɗawa wannan ramin ba da saninsa ba. Wasiƙa ba za ta iya gyara wannan ba, amma wanda ya yi lissafin kafin ya rubuta ya san abin da zai sa rai, ba zai ɓata wata biyu yana jayayya a kan abin da ya riga ya sa wa hannu ba.

Wani yakan ce a ƙara adadi tunda dai za su rage. Wannan shawara ce mai hallakarwa. Takardun inshora suna ɗauke da sharaɗin cewa neman diyya da ya ƙunshi ha'inci yana soke haƙƙin gaba ɗaya, har da ɓangaren da yake gaskiya. Kuma ganowa ba ta da wuya ga wanda aikinsa ke nan: zai ɗauki ƙirgen kaya na ƙarshe, ya ƙara abin da aka saro bayansa, ya cire abin da aka sayar, ya kwatanta da kuɗin da suka shiga banki, sannan ya auna faɗin shagon ya ga ko turmi dubu zai iya shiga ciki.

Takardun shaida su ne kashi na ƙarshe, kuma sirrinsu lamba. A rubuta 1 zuwa 9 da babban alƙalami a kusurwar kowace, a jera sunayensu a ƙarshen wasiƙa, a riƙa kiran kowace da lambarta a cikin bayani. Na mai shagon yadin sun haɗa da kwafin takardar inshora, rasiɗin biyan kuɗinta, rahoton hukumar kashe gobara, rahoton 'yan sanda, fom ɗin neman diyya na kamfanin da ya cike, rasiɗan sari, shafukan littafin kaya, bayanan asusun banki na wata shida, da hotuna. Ledar da aka cusa wa rasiɗai arba'in a cakuɗe ba hujja ba ce tukuna, sai wani ya zauna ya haɗa kowane da layinsa, kuma mai kayan ya fi kowa saurin yin hakan. Hotuna ma a rubuta ƙarƙashin kowane abin da yake nunawa da ranar da aka ɗauka: gaban shago, silin ta gabas, kantar atamfa, leshin da ya jiƙe. Kwafi ake aikawa, na asali su zauna a hannu har sai an nemi gani.

Idan rasiɗan ma sun ƙone fa? Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a kasuwanninmu, inda littafi da rasiɗi suke kwana a aljihun tebur na shagon, wani cinikin kuma da baki da amana aka yi shi. Kada a ɓoye, kada kuma a je a sa wani ya rubuta sabon rasiɗi da tsohon kwanan wata. A faɗa a wasiƙa cewa takardu kaza sun ƙone, sannan a kawo abin da zai tsaya a madadinsu. Dilan da aka sari kayan a wurinsa yana da nasa littafin, zai iya ba da kwafi ko wasiƙa mai hatiminsa. Bayanan banki suna nuna kuɗin da aka tura masa da ranakun. Takardar motar da ta kawo kaya daga Legas ko Aba, da saƙonnin WhatsApp na oda da hotunan kaya, da rahoton na'urar POS, duk suna taimakawa wajen sake gina lissafi. Takardar da ba ta fito ba tukuna, kamar rahoton 'yan sanda, a rubuta ta a jerin, a ce an nema ranar kaza, za ta biyo baya.

Rufewar wasiƙar gajeriya ce. A faɗi inda kayan da suka ɓaci suke, da wanda za a kira a buɗe wa mai tantancewa, da lambar wayarsa. A ambaci ko akwai wata inshorar a kan kayan nan a wani kamfani, ko banki yana da haƙƙi a kansu saboda bashi, domin duka biyun suna shafar wanda za a biya da nawa. A nemi kamfani ya amsa a rubuce cewa wasiƙa ta iso. Dukan wannan bai kamata ya wuce shafi ɗaya da rabi ba, ban da jadawali da takardun da aka haɗa.

Tunda yawanci da Turanci ake miƙa irin wannan wasiƙa a Najeriya, da Faransanci kuma a Nijar, da yawa sukan kai wa ɗansu ko mai buga takardu ya rubuta. Babu laifi, amma a sa shi ya karanto ta ya fassara jimla bayan jimla kafin a sa hannu, musamman kwanan wata da lambobi, domin sifili ɗaya da ya ƙaru ko ya ɓace mai sa hannun ne zai amsa tambaya a kansa. Abin da aka rubuta a wasiƙa, da na fom, da abin da za a faɗa wa mai tantancewa baki da baki, su zama magana ɗaya. Masu takaful ma tsarin nan suke bi, ko da yake kuɗin daga asusun taimakekeniya na mahalarta yake fitowa.

Ranar kai wasiƙa a tafi da kwafi biyu, a sa ma'aikacin ofis ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi gida. Idan ta hannun dillali aka bi, a karɓi shaidar ranar da shi ya miƙa. Lokacin da aka daidaita a kan adadi, kamfani zai kawo takardar sallama wadda sa hannu a kanta yake nufin an yarda da wannan adadin a matsayin biyan ƙarshe, don haka a nemi a ga yadda aka yi lissafin, layi da layi, kafin a sa hannu. Wanda aka ja wa rai ba dalili, ko aka ƙi biyansa bai gamsu ba, yana iya kai kuka sashen ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, kuma abin da zai fara nunawa a can shi ne kwafin nan mai hatimi da jerin takardun da ya miƙa.